Neman kalma: me za mu kira kwastomomin da ke zubewa duk wata?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Asabar zan koyar da wasu matasa masu sana'ar kwasar shara gida-gida, waɗanda ake biyansu wata-wata. Da Turanci aka ba ni takardar, ina fassara ta zuwa Hausa, kuma gobe da yamma zan kai ta wajen bugawa. Komai ya tafi daidai sai wannan layi:

```
LTV = ARPU / churn
```

Kalmar tsakiyar, ARPU, na sa mata "matsakaicin biyan wata", ba ni da damuwa da ita. Ta ƙarshen da ta farkon ne suka tsaya mini a wuya. Ta farkon na rubuta "darajar kwastoma ta tsawon rayuwa", da na karanta wa maigidana sai ya ce wa ya rasu? A taimaka.

Auta: Anti na duba ƙamus, ta ƙarshen ma'anarta kaɗa nono a fitar da man shanu. Sai ki sa "kaɗawa".

Akawun Kwari: Auta, wannan ma'anar 'yan nono ce. A nan ana nufin gidajen da suka daina biya a cikin wata, idan aka gwada su da waɗanda aka fara watan da su. An wayi gari ran 1 ga wata da gida 200, kafin wata ya ƙare 10 sun daina, kashi 5 cikin 100 ke nan. Ni "zubewa" nake cewa a kasuwa, ba wanda ya taɓa tambayata me nake nufi.

Ɗan Maraɗi: Mu nan cewa muke kiliya ya gudu. "Gudun kiliya" ai ya fito sarai.

Baba Malam: Wa alaikumus salam. Kafin a je ga zubewa, a fara gyara tushe. Kwastoma ba Hausa ba ce, kiliya kuwa Faransanci ne aka sa wa hula. Muna da "abokin ciniki" tun kaka da kakanni. Ita kuma kalmar da ake nema, na daɗe da ƙirƙiro ta, tana cikin littafin ajiyata: yoyon ciniki. Tulu ne ke yoyo, kana zubawa ta sama yana fita ta ƙasa. Ta farkon kuma ribar-zama, a rubuta ta da karan ɗori.

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, na gode. Amma yaran nan kwastoma suke cewa. In na ce abokin ciniki za su ɗauka wanda suka haɗa jari da shi ne.

Akawun Kwari: Baba, ribar-zama ta burge ni, don ta kama wani kuskure da ke cikin takardar kanta. Maman Ilham, dubi layin nan da kyau: kuɗin da gida ke biya aka raba da zubewa, ba riba ba. Mu ce kowane gida ₦4,000 yake biya a wata. In kashi 5 cikin 100 ke zubewa duk wata, matsakaicin zaman gida wata 20 ne, wato 100 a raba da 5. Takardarki za ta ce gida ɗaya zai kawo ₦80,000. Yaro zai ji ₦80,000 kansa ya kumbura. Amma a cikin ₦4,000 ɗin nan akwai man a-kori-kura, ladan lebura, leda, da abin da ake bayarwa a juji. In waɗannan sun ci ₦2,800, abin da ya rage masa ₦1,200 ne. Sau 20, ₦24,000. Wannan ce ribar zaman gidan. Waccan ₦80,000 cinikin zama ne kawai, kuɗi ne da suka bi ta hannunsa suka wuce.

Ɗan Maraɗi: To ai kashi 5 a wata masifa ce. Sau 12, kashi 60 ke nan a shekara. Shekara biyu ba ta cika ba ka wayi gari babu kowa.

Akawun Kwari: Masifa ce kam, amma ba 60 ba. Kowane wata daga abin da ya rage ake cire kashi 5, ba daga 200 na farko ba. Wata na farko 10 sun tafi, saura 190. Wata na biyu kashi 5 na 190 za a cire, bai kai 10 ba. Haka yake ta raguwa. Bayan wata 12 za ka tarar da wajen gida 108, wato kashi 46 ne suka tafi. Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne mutum ya ɗauko zubewar shekara ya raba biyan wata da ita. Shi ya sa ko wace kalma aka zaɓa, ina roƙo a manna mata "ta wata" ko "ta shekara", kada a bar ta tsirara.

Baba Malam: Kun gani? Yoyo ke nan. Tulu cike ya fi yoyo da ƙarfi, in ruwa ya ja baya sai ɗigon ya ragu. Kalmata ta yi bayanin lissafin da kanta. Zubewa kuwa lokaci guda ake yin ta, kamar katanga a damina.

Auta: Ni dai a ara kawai. Churn ɗin a rubuta shi "can". Ina kwastoma? Ya yi can.

Baba Malam: Wannan shi ne abin da ya kashe mu. Duk kalmar da yaro ya gani a waya sai ya jawo ta. Harshen da ake nazarinsa a Jami'ar Bayero, ake watsa labarai da shi daga Landan, a ce ya rasa kalmar tulu mai huda?

Ɗan Maraɗi: Baba, da girmanka, riba da ka sa a kalmarka daga Larabci take. Lissafi ma haka. In aro daga Larabci halal ne, me ya haramta kiliya? Ko don ba a Kano aka are ta ba? Kullum in aka ce daidaitacciyar Hausa sai a auna mu da bakin Kano, mu na wannan ɓangaren sai dai mu bi.

Baba Malam: Ni ba Bakano ba ne, ɗana, Bazazzagi ne. Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Naku jiya ya sauka daga mota.

Ɗan Maraɗi: Mota ma jiya ta sauka.

Hajiya Mai Fura: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ina kai wa ofisoshi da gidaje fura da nono, biyan wata. Duk azumi kusan rabin na ofis suna tsayawa, bayan Sallah su dawo. Waɗannan sun zube ne ko sun yi yoyo? Ni a wurina ba su tafi ko'ina ba. Kuma akwai waɗanda ba su ce sun daina ba, kuɗin ne dai ba sa zuwa, kullum "gobe Hajiya".

Maman Ilham: Hajiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Masu shara ma haka, maigida ya yi tafiya wata biyu, gida a kulle. Don Allah a bar zancen Kano da Maraɗi, gobe fa zan buga.

Akawun Kwari: Hajiya, wannan ba kalma ce za ta raba shi ba, ƙa'ida mai sana'a zai kafa. Misali ya ce duk wanda ya yi wata biyu cur bai biya ba kuma bai ce uffan ba, an lissafa shi ya tafi, wanda ya yi sallama zai dawo kuwa a ajiye shi gefe. In kika auna zubewarki da watan azumi kaɗai, lissafi zai ce miki kwastoma wata biyu yake zama, alhali kin san wasu kun shekara da shekaru tare.

Baba kuma, ga inda nake jin tsoron yoyo. Kalmar tana sa mutum ya ɗauka hudar ɗaya ce ga kowa, kuma wannan zaton shi ne raunin layin nan gaba ɗaya. Sababbin gidaje sun fi tsofaffi saurin tafiya nesa ba kusa ba. Ka ɗauki sababbi 100. Talatin sun biya wata biyu sun ga ba za su iya ba. Sauran 70 sun wuce wata biyun nan, daga nan suna zubewa kashi 2 kacal a wata. In yaro ya dubi tsofaffin gidajensa ya ga kashi 2, zai ce duk sabon gida wata 50 zai yi. In ka haɗa da talatin ɗin nan da suka tafi da wuri, matsakaicin wata 37 ne. Wata 13 na riba ya ƙirga wa kansa da ba zai taɓa gani ba. Kuma wanda sana'arsa ba ta shekara ba, ina ya ga gidan da ya yi wata 50?

Hajiya Mai Fura: To ni wata biyun nan ya yi mini yawa. Furar wata biyu bashi? Sati uku na yanke.

Auta: Yaya Akawu, wata 20 da ka faɗa, ke nan kowane gida sai ya yi wata 20 sannan ya tafi?

Akawun Kwari: A'a, kuma wannan ya kamata ya shiga darasin. Matsakaici ne, 'yan tsirarun da suke daɗewa sosai su suke ja shi sama. Da kashi 5 a wata, zuwa wata na 14 fiye da rabi sun riga sun tafi. Yanzu a ce yaron nan yana ba kowane sabon gida durom na shara kyauta, ga ladan wanda ya kawo gidan, duka ₦18,000. Da ribar ₦1,200 a wata, sai gida ya biya sau 15 kafin kuɗin nan su dawo. Ke nan fiye da rabin gidajen za su tafi ba su gama biyan durom ɗinsu ba. A dunƙule akwai ribar ₦6,000 a kan kowane gida, amma tana can nesa, a hannun waɗanda suka daɗe. Wanda ya ari jari zai mayar cikin shekara, wannan ribar ba za ta cece shi ba.

Maman Ilham: Wannan misalin zan ɗauka yadda yake. Ga abin da na yanke, don lokaci ya ƙure. Ta ƙarshen: "zubewar kwastoma ta wata". Ta farkon: "ribar zaman kwastoma", kuma zan gyara layin in cire kuɗin aiki tukuna. Tulun Baba zan zana shi a allo wajen bayani, amma da huda biyu, babba ta sababbi, ƙarama ta tsofaffi.

Baba Malam: An ɗauki rabin kalmata an cire mata karan ɗori, an kuma liƙa mata kwastoma. To, ba komai. Amma zubewa ba daidai ba ce, kuma ina nan a kan bakana. In an zo sake bugawa a tuntuɓe ni.

Ɗan Maraɗi: In takardar ta tsallako iyaka, kiliya za mu karanta.

Hajiya Mai Fura: Har yanzu fa ba wanda ya ba ni sunan masu tafiya azumi su dawo.

Maman Ilham: Hajiya na bar musu fili a takardar, na rubuta "masu hutu" da fensir.