Bas ɗina mai injin 5L tana wahalar tashi da safe, injekta zan kai ko hita zan canza?

Sani Bolari: Salamu alaikum jama'a, ina neman shawara kafin in kashe kuɗi. Ina da Hiace mai shan gas, injin 5L, ina lodin Gombe zuwa Bauchi. Sati uku ke nan in ta kwana, da asuba ina murza ki tana tashi tas, ta yi kamar sakan biyar a silo sai ta fara kakkarwa ta mutu. Daga nan fa sai na yi ta kik har batir ya fara sanyi. Amma in yarona ya danna famfon nan na kan filta kamar sau ashirin har ya yi tauri, bugu ɗaya take tashi, kuma yini guda ba ta sake yi, ko na tsaya Alkaleri cin abinci lafiya lau. Ban ga gas yana ɗiga ko ina ba. Bakanike na ya ce a cire injekta a kai kalibireshan dubu 85, mai gyaran wayar mota kuma ya ce hita ne, masu ɗumama injin kafin ya tashi, tunda hunturu ya shigo, guda huɗu dubu 32. Kuɗin ɗaya nake da shi. Wanne zan yi?

Ɗanjuma Riwaya: Hita ne kawai malam. Duk shekara in sanyi ya kama haka masu gas ke cika mana gareji. Amma dubu 32 an tsuga maka, ni dubu 5 nake sayo ɗaya.

Auwal Kumo: Dubu 5 ai ɗan Chana ne oga Ɗanjuma, wata biyu ya ƙone. Na Japan na gaske na saya dubu 14 ɗaya watan jiya.

Babangida Tifa: Ku bar zancen hita, lif fam ɗinsa ne ya mutu, famfon da ke jawo gas daga tanki. Tifa ta 911 haka ta yi min a Dadin Kowa wurin ɗiban yashi, na canza lif fam magana ta ƙare. Ka duba gefen injin za ka gan shi.

Malam Isa Mai Injekta: Wa alaikumus salam Sani. Ni aikina ke nan, kuma da ka kawo min injektan nan da na ci kuɗinka, amma ina ce maka kar ka cire shi tukuna. Ka riga ka faɗi ciwon da bakinka. Motar da hita ɗinta ya mutu ba ta tashi tas sannan ta mutu. Ita wahala take ba ka tun bugun farko, kana kik farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana fita ta salansa, in ta kama ta yi ta ɗingishi kamar fistin uku ke aiki, in ta ɗan yi ɗumi ta daidaita. Taka ta tashi da ɗan gas ɗin da ya kwana cikin injekta, ya ƙare, abin da ya biyo baya iska ce. Kuma danna famfo ba ya gyara hita, to me ya sa in yaronka ya danna take tashi? Gas ne ke zurarewa ya koma tanki cikin dare.

Babangida, 911 daban. Ita tana da lif fam a jikin injekta daga waje. 5L ba ta da wani na daban, abin da ke jawo gas yana can cikin injektan, shi ke zuƙowa tun daga tanki ta cikin filta. Shi ya sa Sani bai ga ɗiga ba, layin nan zuƙa yake yi ba turi ba, in akwai ɗan tsagu iska ce ke shiga, gas ba ya fita.

Sani Bolari: Allah ya saka malam. To ta ina zan gane inda take shan iskar?

Malam Isa Mai Injekta: Sayi farin tiyo wanda ake ganin ciki, kamar taƙi biyu, ka sa tsakanin filta da injekta, ka ɗaure da kilif mai kyau. Danna famfo ya yi tauri, tayar da ita ka zuba ido. Ɗan kumfa na farko ba komai, amma in ƙananan kumfa suna ta wucewa ba tsayawa, iska na shiga daga filta ko layin da ke zuwa daga tanki. Ka bar tiyon ya kwana, da asuba kafin ka taɓa ki ka haska da tocila, in ka ga tiyon ya zama wayam to ka kama ɓarawon. Sannan sai ka mayar da farin tiyon gaban filta, ɓangaren da ke zuwa daga tanki. In can babu kumfa amma bayan filta akwai, kan filtan ne. A motocin nan sau da yawa shi ne, robar da ke cikin famfon hannun ta tsufa ta tsage, ko robar bakin filta ba ta zauna ba, ko ta abin nan na ƙasa mai nuna ruwa. Yaushe ka canza filta?

Sani Bolari: Wata ɗaya ke nan. Kai, kuma bayan nan ne abin ya fara fa.

Alhaji Garba Dukku: Yaro kar ka yarda kowa ya kwance maka injekta, ni ga ni nan abin da aka yi min. Hilux ɗina irin wannan ciwon ta yi shekarar da ta wuce ana gab da girbin wake. Na kai wani gareji, ba zan faɗi suna ba, suka ce injekta. Na biya dubu 120, kwana tara mota tana kan dutse, ina hayar motar wani tana kwaso min kaya daga gona. Aka ɗaura, washegari da safe ta ƙi tashi kamar ba a taɓa ta ba. Suka ce to nozul ne, na sake ba da dubu 60. Ta ƙi. Suka ce ai injin ne ya gaji a yi ringi. Kafin nan yaransu kullum sai su jiƙa tsumma da fetur su kanga a bakin iska don ta tashi, rannan ta yi wata ƙara kamar an buga guduma a ciki, tun daga nan take hayaƙi. Kik ya ƙone, batir biyu na saya. Daga ƙarshe wani dattijo mai gyaran tarakta a Bajoga ya shiga ƙarƙashi ya ciro wani guntun tiyo a saman tanki, ya tanƙwara shi a gabana duk ya tsattsage. Tiyon dubu ɗaya da ɗari biyar. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Na koma garejin, mai wurin ya ce ai injektan ma dama yana buƙatar aiki. Na bar shi da Allah, amma har yau in na bi ta layin raina ɓaci yake.

Auwal Kumo: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Alhaji. Amma 120 kalibireshan kawai? A Jos dubu 50 aka yi wa ƙanena.

Alhaji Garba Dukku: Sun ce sun canza kaya a ciki. Ban ga tsofaffin ba.

Malam Isa Mai Injekta: Allah ya huci zuciyarka Alhaji. Duk wanda ya canza maka kaya ka ce ya ba ka tsohon a hannu. Feturin nan kuma shi ya yi maka ɓarna, injin mai hita in fetur ya shiga yana kamawa kafin lokaci, fistin na hawa wuta na dukansa.

Ɗanjuma Riwaya: To ni dai shekara 18 ina wannan aiki, ba wanda zai ce min hunturu ba ya kashe wa mota tashi. Masu injekta kullum ku ne masu sani.

Malam Isa Mai Injekta: Ban ce sanyi ba ya tasiri ba oga Ɗanjuma, zai yiwu ma hita ɗaya ko biyu sun mutu a motar, abu biyu na iya haɗuwa. Amma ai gwaji ba kuɗi. Ka cire ƙarfen da ya haɗa kawunansu, ka maƙala fitilar gwaji a fozitif na batir ka taɓa kan kowanne, wanda bai kawo wuta ba ya mutu. In da mita ne, mai lafiya bai cika wuce om ɗaya ba. A canza wanda ya mutu, ba huɗu a makance ba.

Ɗanjuma Riwaya: Fitila na iya kamawa hita kuma ya yi rauni, ni sai na ciro shi na ga bakinsa ya yi ja. Kuma rile ma yana ƙin ba da wuta.

Malam Isa Mai Injekta: Wannan gaskiyarka ce.

Ɗan Pantami: Sani mafita mai sauƙi, ka ƙara wa yaronka kuɗin shayi ya riƙa danna famfo kullum, ga motsa jiki kyauta cikin sanyi.

Sani Bolari: Hhh shi ma ya fara ƙorafi babban yatsansa. Malam Isa in na canza kan filtan yaya zan cire iskar, ko sai na kira bakanike?

Malam Isa Mai Injekta: Da kanka za ka yi. Zare tiyon da ke fita daga filta zuwa injekta, sa bakin a gora, yi ta danna famfo har gas ya fito ba kumfa, mayar ka ɗaure, ci gaba da dannawa har ya yi tauri. Yawanci nan ta tashi. In ta ƙi, iska ta kai fayif na nozul, sai ka sa sifana 17 ka sassauta natin kan nozul biyu rabin juyi, kar ka cire. Yaro ya yi kik sakan goma ya huta rabin minti don kar kik ya yi zafi. In gas ya fara tsartuwa ba kumfa ka ɗaure. Ka rufa tsumma a kai, kar ka kai yatsa wurin, ƙarfin gas ɗin nan yana huda fata.

Babangida Tifa: A tarakta kuma in ka ja hannun lif fam ka ji shi sakwaf ba ya turo komai, kar ka ce ya mutu, juya injin zagaye ɗaya ka sake. Na taɓa jefar da mai kyau saboda haka.

Hajiya Mai Niƙa: Sannunku. Ni injin niƙa gare ni a Tudun Wada, nawa ba iska ba ce, ruwa ne a gas ɗin da yara ke sayo min a jarka. Sau biyu a wata ɗaya ana wanke min tanki.

Auwal Kumo: Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Wasu 'yan bumburutu kananzir suke haɗawa in ya fi araha, shi kuma ba shi da maiƙo, a hankali yake cinye injekta.

Ɗan Pantami: Kananzir yanzu ai ya fi gas tsada, wa zai haɗa? Ruwa dai da dattin ƙasan duro.

Alhaji Garba Dukku: Har gidan mai ba a tsira ba. Na sha a wani kan hanyar Kaltungo, ban yi kilomita goma ba fitilar ruwa ta kama.

Sani Bolari: Na sa farin tiyon jiya da yamma. Yau da asuba rabinsa iska, kuma tana aiki kumfa na wucewa kaɗan kaɗan. Na je kasuwa kan filta wani ya ce dubu 18 sabo, wani ya ce 40 na Beljiyam, shi kuma bakanike na ya ce in an canza ba ta daina ba to sil ɗin gaban injekta ne, dole a sauke. Ban mayar da tiyon gaban filta ba tukuna, lodi ya kama ni.

Malam Isa Mai Injekta: Sil ɗin yana yi, amma shi ne na ƙarshe a layi. Tunda kumfan ta filta yake fitowa, fara kwance filtan da aka sa maka wata ɗaya ka duba robarsa, kar ka sayi komai sai ka yi gwaji na biyun.

Hajiya Mai Niƙa: Alhaji wane gidan man ne don Allah, ko ta waya ka faɗa min, yarana ta wannan hanyar suke sayowa.