Sandar labule ta tsige daga bango: me ya riƙe muku?

Maman Yara: Assalamu alaikum. Sandar labulen falona mita 3 ce, labulen mai nauyi. Ta lanƙwasa a tsakiya, yanzu mariƙin gefen dama ya fito da fisha, robar nan da sukuru ke shiga, da ɓarɓashin filasta. Wa ya taɓa fama da wannan?

Baban Gida: Wa'alaikumus salam. Ni tsinken ashana na cusa a ramin, na mayar da sukurun, har yau shiru.

Kafintan Unguwa: Baba, wataƙila labulenka shara-shara ne. Hajiya, matsala biyu gare ki. Lanƙwasa ba laifin bango ba ce: sanda mai tsawon mita 3 sai da mariƙi na uku a tsakiya. Tsigewar kuwa, sai an san cikin bangon. Ki sa a huda a hankali. In bakin injin ya ɗan ci sannan ya zurma gaba ɗaya, an faɗa ramin bulo, naman da zai riƙe fisha bai fi inci ɗaya da ɗan abu ba. In ya yi tauri har ƙarshe, ƙurar na fita toka-toka, linta ce, wato kankaren saman taga, kuma nan ne wurin zama. A linta ina sa fisha mai milimita 8, bakin huda 8, sukuru mai kaurin 5 da tsawon 60, don ya wuce filasta ya kama kankare. Sukurun sama shi nauyi ke fizga, kada a yi masa rowa.

Amaryar Bana: Nawa ma ya faɗo, amma ƙusar kankare aka buga masa. Ko sandar ce marar kyau?

Kafintan Unguwa: Ƙusar ce, ƙanwata. Kullum aka ja labule tana motsi, ramin na faɗi.

Malam Magini: Ina da gyara, Oga. Ba kowace linta ke wuce taga sosai ba, mariƙin gefe yakan faɗo a kan bulo. Kuma bulon yanzu yashi ya fi siminti yawa, fisha na buɗewa yana marmashewa. Abin da nake yi: a faɗaɗa ramin, a tura takardar buhun siminti ciki ta tare, a cika da kwaɓi mai ƙarfi, a bar shi mako guda, sannan a huda. A bulo mai rami kuma a kashe bugun injin, don yana fasa bayan bulon ta ciki.

Kafintan Unguwa: Gaskiya ne. Amma mai haya ba zai fasa bangon mutane ba. Gara ya kafa falankin katako da sukuru biyar ko shida, ya ɗaura mariƙan a kai, nauyin ya rarrabu.

Maman Yara: Haya nake. Katakon ba zai ɓata falon ba?

Malam Magini: Fenti zai ɓoye shi. Sai dai a duba hanyar wayar lantarki kafin huda.

Baban Gida: To mu masu ginin laka fa? Fisha ba ta kama mana ko kaɗan.