Don Allah a taimaka: na bai wa baƙo damar shiga wayar Mama

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare Mama tana neman wa'azi a Chrome, kwatsam wayar ta hau rawa, aka cika fuskarta da jan rubutu: "Your phone is infected", ga lokaci yana ƙirga baya, ga lambar da za a kira. Ta miƙo min a rikice, ni ma ban tsaya tunani ba na kira.

Mutumin da ya ɗauka ya ce in sauke AnyDesk, wata manhaja da ke ba mutum damar shiga waya daga nesa, in karanto masa lambar da ta fito, in danna Accept. Duk na yi. Da ya ce in buɗe manhajar banki wai zai duba ta ne jikina ya ba ni, na kashe data, na katse kiran. Bai fi minti 5 yana kallon wayar ba.

Na goge AnyDesk, na share tarihin Chrome, Play Protect ya ce babu matsala. Amma har yanzu gargaɗin yana leƙowa ta sama kamar saƙo, ko Chrome a rufe yake. Ina zargin Mama ta danna Allow a wani shafi, sai dai na shiga Site settings, ƙarƙashin Notifications, na tarar da shafuka barkatai, ban gane wanne ne ba. In toshe su duka?

Abin da ya fi damuna, saƙonnin banki suna cikin wayar, ban san me ya gani ba. Canza PIN daga wata wayar ya wadatar, ko sai mun je banki an rufe katin? Factory reset nake gudu saboda hotunan jikokinta.