Sista ta karɓi robar fitsari daga hannuna, me zan rubuta a littafin aiki?

Ɗaliba 'yar aji biyu: Salamu alaikum. Ina ɗakin mata aka ce a sa wa wata dattijuwa robar fitsari. Ni na haɗa kaya, na ja labule, na wanke wurin, amma na rasa ƙofar mafitsarar saboda ta shige ciki, sai sistar da ke kula da ni ta sa sabuwar safar hannu ta ƙarasa. Littafinmu gida uku ne: na kalla, na taimaka, na yi ana kula da ni. Wanne zan cike? Kuma me ya halatta in rubuta game da matar?

Ɗan ajin ƙarshe: Ki cike na uku kawai, ai ke kika yi rabin aikin. Mu a ƙarshen zagaye muke tara littattafan mu kai wa mai ɗakin ta sa hannu gaba ɗaya, ba ta ma dubawa.

Sista mai koyarwa: A'a, ƙanena. Ƙanwata, "na taimaka" za ki rubuta. Wanda ya shigar da robar har fitsari ya zubo, shi ya yi aikin. Sa hannun nan shaida ce cewa na ga hannunki da idona. In na shaidi abin da ban gani ba, gobe wata za ta buɗe littafin ta tura ki ke kaɗai da dare, ki hura balan da ke riƙe robar a mafitsara tun fitsari bai fito ba alhali robar tana cikin hanya, ki ji wa mutum ciwo. Shi ya sa nake son a kawo mini littafi kafin in tashi daga aiki ranar. Bayan mako biyu ban san wace roba ce taki ba.

Ga yadda zan so in gani: kwanan wata, "sa robar fitsari, mace, shekara 70 da wani abu, roba mai lamba 14, balan da ruwan allura mil 10, fitsari ya fito garau, na taimaka". A gidan bayani ki ƙara cewa ba ki ga ƙofar ba. Wannan layin ya fi komai amfani, don shi zai sa in nuna miki dabarar: a tsofaffin mata ƙofar takan ja baya zuwa bangon gaba na farji, ana bukatar haske sosai da mai riƙe ƙafa. In robar ta faɗa farji, a bar ta nan ta zama alama, a ɗauko sabuwa.

Ɗalibar unguwarzoma: Sista, mil 10 na ruwan gishiri ba ya yi? Shi ne ya fi kusa da hannu a kan tire.

Sista mai koyarwa: Ruwan allura zalla. Gishirin kan iya daskarewa ya toshe ƙaramar hanyar hura balan, ranar cirewa balan ya ƙi sacewa. Kuma ki duba jikin robar, an rubuta adadin ruwan da take ɗauka.

Wata nas sabuwar gamawa: Maganar sirri kuwa ba wuya. Ba a sa suna, amma harafin farkon suna da lambar gado ba komai. Kuma duk wanda ya kwanta inda ake koyar da ɗalibai ai ya riga ya yarda ɗalibi ya taɓa shi.

Sista mai koyarwa: Batun suna kin yi daidai, sauran ban yarda ba. Lambar gado da kwanan wata sun isa a gane mutum, ga littafin yana yawo daga jaka zuwa ɗakin kwana, kowa yana aro ya kwafa. Yarda kuma ana neman ta a kowane aiki. Ki ce "Mama, ni ɗaliba ce, ga sista a tare da ni, kin amince in sa miki?" In ta ce a'a, ki koma gefe, ba a jayayya.

Wani ɗalibi namiji: Ni nan tawa matsalar take. Littafi yana neman robar mata, matan kuma suna ƙi, kuma gaskiyarsu. Har na bar ɗakin gidan nan fayau yake. Wani abokina ya ɗauki hoton katin maras lafiya a waya don ya cike nasa daga baya, aka gani, sai da maganar ta kai gaban shugabannin makaranta. Ni dai na faɗa wa malaminmu tun da wuri, ya rubuta dalili, ya gwada ni a kan mutum-mutumin ɗakin gwaji. Ko za a karɓa a ƙarshe, ina jira.

Ɗaliba 'yar aji biyu: Na gode, Sista, na cike "na taimaka", sistar da ke kula da ni ta sa hannu yau. Sai dai littafinmu yana da gidan lambar asibiti ta maras lafiya, malaminmu ya ce da ita yake bin sawu ya gane masu ƙirƙirar aiki.

Sista mai koyarwa: Na san hujjar, mun sha ja da malamai a kanta. A ganina sunana da sa hannuna sun isa bin sawu, a zo a tambaye ni. Tunda dokar makarantarku ce ki cike, amma lambar kaɗai, kuma kada littafin ya kwana a hannun kowa.

Wata nas sabuwar gamawa: To in sistar ta bar aiki ko an canza mata wuri, wa za a tambaya? Ni a nan ina bayan malamin.