An miƙa min biro a taro, takardata duk "za a duba" ce

Sakataren Dole: Salamu alaikum jama'ar Makka. Daren Juma'a muka yi zaman ƙungiyar 'yan garinmu a Misfala, sakatarenmu ya tafi gida sai aka miƙo min biro. Yau na buɗe takardar ga abin da na tarar: "istiraha 900? 1,400, za a duba, kuɗin marayu a ƙara, Alhaji ya ce a'a, bayan sallah". Shafi uku duk haka, kuma shugaba na jiran minit gobe. In rubuta duk abin da kowa ya faɗa ne ko abin da aka yanke kawai? Sannan inda ba a faɗi mai yin aiki ba, in sa wanda nake ganin ya dace?

Ɗan Rusaifa: Ka riƙa ɗaukar murya da waya malam, shi ke nan.

Sakataren Dole: Yaya taron fa an riga an tashi.

Baban Jarwal: Ɗana, ɗauki jan biro ka bi takardar layi layi. Kowane layi ka tambayi kanka, wannan an yanke shi ne ko hira ce aka yi. Hira ba ta shiga, sai dai jimla ɗaya ta dalili. Duba istirahar nan taka, wurin taron da za ku kama haya, farashi biyu da "za a duba", ai ba a yanke kama wuri ba, abin da aka yanke shi ne a je a tambayo. To sai ka rubuta: ma'aji zai kawo farashin istiraha biyu a rubuce kafin 20 ga Ramadan, ba za a ba da kafin alƙalami ba sai zama na gaba ya amince. Amma fa in har ma'ajin ne ya karɓa a zauren. In ba wanda ya karɓa kar ka ɗora wa kowa, kira shugaba yau tun bai manta ba, in shi ma bai sani ba ka rubuta ba a naɗa mai yi ba. Kuma suna ɗaya, in ka ce kwamiti kowa zai jira ɗan'uwansa.

Ɗan Rusaifa: 900 a sallah? A ina? Bara 1,800 muka biya.

Mai Shayin Aziziyya: An cuce ku, mu 1,100 har da wurin mata.

Hajiyar Mansur: Ni ku bar zancen istiraha, kalmar nan "an amince" ita ta ci min riyal 2,000. Wata 'yar ƙungiyarmu ta kwanta asibiti, aka zauna aka ce a taimaka, sakatariya ta rubuta an amince a taimaka mata, ba nawa ba, ba daga wane asusu ba, ba wa za ta kai ba. Shugaba ta ce Hajiya fitar daga jakarki a mayar miki, na fitar wallahi kuɗin hayata ne. Da na zo karɓa ma'ajiya ta buɗe littafi ta ce ina aka rubuta 2,000, su 500 suka ji. Mata goma sha biyu a ɗakin, kowa da abin da ta tuna. Shekara biyu ke nan, har gaisuwa ta yi sanyi tsakaninmu.

Mai Shayin Aziziyya: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Shi ya sa na ce a rubuta komai da sunan mai faɗa, har tari in mutum ya yi.

Baban Jarwal: A'a. Rubuta "Alhaji ya ce a'a" ka tura wa mutum arba'in ka ga ko zai sake zuwa. An samu saɓani kan ƙarin kuɗin marayu, an ɗage, ya wadatar. Na Hajiya ba yawan rubutu ya rasa ba, lamba ce da suna.

Mai Shayin Aziziyya: Baba wannan tsarin ofis ne, mu 'yan'uwa ne.

Hajiyar Mansur: 'Yan'uwan ne suka riƙe min kuɗi ai.

Sakataren Dole: Baba "bayan sallah" ɗin fa?

Baban Jarwal: Wace sallar, ƙarama ko babba ko isha'i? Sa sunan rana da kwanan wata, na Hijira yadda yake a kalandar Ummul Ƙura da na turawa a gefe, don watanmu kan zo 29 ko 30, kuma wani lokacin lissafin gida kan sha bamban da na nan da kwana guda. Ka rubuta watan da haruffa, 3/4 kowa da yadda zai karanta.

Ɗan Rusaifa: Bayan sallah ai lokacin biyan bashi ne, ba ya zuwa.

Sakataren Dole: Na kira shugaba, ya ce ma'aji ne. Na kira ma'aji ya ce shi ya fita alwala lokacin.

Hajiyar Mansur: Ka gani ko. Su ma'ajin nan ma wa ke binciken littafinsu? Tamu tun Muharram ba ta ba kowa rasit ba.

Mai Shayin Aziziyya: Hajiya ni ma'aji ne fa, a yi a hankali. Ku fara biyan kuɗin wata tukuna, mutum tara kaɗai suka biya ni cikin talatin.