Me za mu kira fork() da Hausa?

Malam Kabiru: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa ɗalibai bayani da Hausa kan ƙaramin shel ɗin da za su gina. Aikinsa zagaye ɗaya ne: ya karanta umarni, ya kira `fork()`, ɗan ya kira `execvp()`, uwar ta zauna a `waitpid()`. Sunayen za su ci gaba da zama yadda ake buga su, amma wajen bayani ina son kalmar da za ta faɗi abin da `fork()` ke yi. Me kuka gani?

Binta: Wa alaikumus salam, Malam. Ni "tsagawa" nake cewa. Furoses ɗaya, wato shiri mai gudana, ya tsage gida biyu.

Injiniya Sada: Binta, kin kusa, sai dai abin da aka tsaga kowa rabi yake samu. A nan uwar ba ta rasa komai. Ɗan yana tashi da kwafin duk abin da ke ƙwaƙwalwarta da fayilolin da ta buɗe, kuma daga layin da take shi ma zai ci gaba. Inda suke rabuwa shi ne amsar kiran: ɗan ya ga 0, uwar ta ga PID ɗin ɗan, wato lambar shaidarsa. Idan abin ya ƙi, uwar ta ga -1, babu ɗa.

Nura: Tunda ana cewa uwa da ɗa, ai "haihuwa" ta gama magana. Amma ku taimaka min tukuna. Nawa shel ɗin wani lokaci sai na buga `exit` sau biyu kafin ya rufe, wani lokaci har sau uku. Kwamfutar ce?

Injiniya Sada: Ba ita ba ce. Kafin hakan ta faru, ka yi kuskuren buga wani umarni, kamar `lss` maimakon `ls`?

Nura: Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe.

Injiniya Sada: To ga abin da ya faru. A ce shel ɗinka PID 4100 ne, ɗan kuma 4101. Idan `execvp()` ya yi nasara ba ya dawowa, domin an riga an zubar da shirin shel daga jikin 4101 an ɗora `ls`. Amma babu wani shiri mai suna `lss`, sai kiran ya dawo da -1. Kai kuma ba ka rubuta komai a bayansa ba, sai ɗan ya gangara ya koma saman zagaye, ya fara karɓar umarninka kamar shi ne mai gidan. Uwar tana can tana jiransa. `exit` na farko ɗan ya kashe, na biyu ya kai ga uwar. Kuskure biyu a zama ɗaya, `exit` uku. Ka buɗe wata taga ka buga `ps -e -o pid,ppid,comm`, za ka ga sunan shel ɗinka sau biyu, PPID ɗin ɗaya, wato lambar uwarsa, shi ne PID ɗin ɗayan. Gyaran:

```c
pid_t pid = fork();
if (pid == 0) {
    execvp(argv[0], argv);
    perror(argv[0]);
    _exit(127);
}
waitpid(pid, &status, 0);
```

Wannan ne ma ya sa "haihuwa" ba ta kwanta min ba. Ɗalibi zai ɗauka jariri ne da bai san komai ba, alhali cikakken shel ne. Ni "tagwaitawa" zan ce.

Binta: Amma Injiniya, tagwaye ai tare suke zuwa, babu wanda ke da alhakin wani. A nan uwar ce ke karɓar sakamakon ɗan. In ya mutu ba ta kira `waitpid()` ba, sai ka ga `Z` a gaban sunansa a `ps aux` har sai ta karɓa ko ita ma ta mutu. "Tagwaitawa" ta ɓoye wannan.

Injiniya Sada: Wannan kam kin fi ni gaskiya. Amma har yanzu ina tsoron jaririn nan.

Auwal: Ni a GitHub nake danna `Fork`, kuma "ɗaukar kwafi" muke cewa. Me ya sa ake wahala?

Malam Kabiru: Auwal, wancan rumbun lamba ake kwafa, nan kuwa shiri ne mai gudana. Duk da haka "kwafi" ɗinka ta yi min. Zan rubuta "shel ya kwafi kansa", in bar uwa da ɗa a matsayin sunayensu. Da haka bayanin `cd` ma zai yi sauƙi: idan kwafin ne ya kira `chdir()`, shi kaɗai ya sauya wuri, yana mutuwa sauyin ya bi shi. Dole uwar ta yi da kanta. `exec` fa?

Binta: "Rikiɗa". PID yana nan, abin da ke ciki ne ya zama wani.

Injiniya Sada: Na yarda da rikiɗa. "Kwafar kai" kuwa ta yi tsawo a baki, sai mun ji yadda ɗalibai za su riƙa faɗa. Kuma kar a ce `wait` "jira" ne kawai, Malam, tunda ko ɗan ya riga ya mutu sai an kira shi.

Nura: Na saka `_exit(127)`, ya daina. Yanzu kuma idan na danna `Ctrl-C` shel ɗin gaba ɗaya ke mutuwa tare da ɗan.