Kwana bakwai da fara ba yara abincin tamowa: me ya kamata mu auna?

Fuseina, Nima: Assalamu alaikum. Ƙungiyar matan unguwarmu tana taimaka wa ma'aikatan lafiya bibiyar yara 14 masu tamowa mai tsanani, waɗanda aka fara ba su abincin gyaɗa na leda suna ci a gida. Masu tallafa mana sun nemi rahoto bayan kwana bakwai. Na sake auna kaurin damtsen yaran, sai na tarar kusan dukansu suna nan a kan jan ɓangaren igiyar awo, ƙasa da santimita 11.5, abin da ya tayar mini da hankali ƙwarai. Waɗanda suka taɓa wannan aiki, me kuka duba a makon farko?

Malam Issaka, Madina: Wa'alaikumus salam. Malama Fuseina, damtse ba ya saurin motsawa, kuma milimita ɗaya ko biyu da zai iya ƙaruwa a mako, bambancin yadda kika ja igiyar awon ma ya isa ya ɓoye su. Lokacin da na yi wannan aiki, sikeli kaɗai na dogara da shi. Yaron da ya ƙara nauyi, abinci ya karɓe shi. Wanda ya ragu, a rubuta cewa shirin bai yi masa aiki ba.

Anti Memuna, nas, Mamobi: Malam, na yarda da kai kan damtse, amma hukuncin sikelin nan yana da haɗari. Akwai yarinyar da na karɓa da kumburi a ƙafafu biyu, irin cutar da likita Cicely Williams ta bayyana a nan Accra a shekarun 1930 da sunan da mutanen Ga suke kiranta, kwashiyoko. Bayan mako guda nauyinta ya ragu, uwarta har da kuka, alhali ruwan da ya taru ne yake fita, wato sauƙi ne ya fara samuwa. A irin wannan yaro, abin dubawa shi ne a danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, a ga ko ramin da yake bari ya ragu.

Wanda ba shi da kumburi kuwa, ana lissafa ƙarin nauyinsa gwargwadon jikinsa. A ce yaro ya zo da kilo 6.0, ya dawo da 6.2. Giram 200 ke nan, a raba da kilo 6, a sake rabawa da kwana 7, sai a sami kusan giram 5 a kowane kilo a rana, kuma ga mai jinya a gida wannan ba laifi. Sai dai sikelin ratayawa giram ɗari-ɗari yake nunawa, don haka idan an auna yaron da riga, ko ya sha nono yanzun nan, ko an sauya sikeli, rabin wannan ƙari zai iya zama na ƙarya. Shi ya sa ba na yanke hukunci da awo biyu kacal.

Abin da na fi ba muhimmanci a makon farko shi ne ko abincin ya shiga cikin yaron. Nakan duba yara nawa suka dawo ranar awo, in ba kowanne leda ya ci a gabana in ga ƙarfin cinsa, in tambayi batun gudawa, amai da zazzaɓi, sannan in ƙirga ledojin da aka shanye. Yaro mai kilo 6 mukan ba shi leda 18 na mako, biyu da rabi a rana. Wanda ya ƙi ci gaba ɗaya, ko kumburinsa ya ƙaru, asibiti za a kai shi ranar, ba a jiran rahoto.

Hajiya Rakiya, Sabon Zongo: 'Yata Memuna, ƙirgen leda ɗin nan kada ki sakankance da shi. Jikana ya sha wannan abinci, kuma duk mako muna mayar da ledoji cif, amma gaskiya yayyensa biyu suna lasa, domin a gidan haya mai yara da yawa ba ka iya hana yaro abin da yake kallo a hannun ƙaninsa. Ni na ɗauka ma tambayar ita ce me za a ƙara wa yaro ya yi saurin ƙiba, da na ce koko da gyaɗa.

Fuseina: Na gode, Hajiya. Anti, masu tallafin sun tambayi adadin waɗanda suka warke. Me zan rubuta?

Anti Memuna: Ki rubuta cewa lokacinsa bai yi ba. Ma'aunin da ake amfani da shi, wato warkewa sama da kashi 75 cikin ɗari da masu daina zuwa ƙasa da kashi 15, ana lissafa shi ne a kan yaran da suka fita daga shirin, kuma jinyar takan ɗauki makonni shida zuwa takwas. Maganar Hajiya kuwa gaskiya ce. Ziyarar gida takan nuna ana raba abincin, amma idan na matsa da tambaya uwa takan ji kunya ta daina zuwa, kuma har yau ban sami hanyar da ta gamsar da ni ba.